Yadda Ake Karanta Takardar Magani da Aka Turo Hotonta a Waya

Sau da yawa yanzu a Jos mai ciwo yana kwance a Unguwar Rogo ko Rikkos, wanda zai sayo maganin kuma yana wajen sana'arsa a Taminus ko Farin Gada. Ba a jiran takarda ta isa hannunsa, sai a ɗauki hotonta a tura masa ta WhatsApp, shi kuma ya tsaya a kantin magani ya miƙa waya. Hanyar tana rage wahala, amma tana ɗora wa ɗan aike nauyin da bai san ya ɗauka ba, domin shi ne zai koma gida ya ce a sha kaza sau kaza. Idan bai gane abin da aka rubuta ba, abin da kunnensa ya riƙe daga bakin mai kanti kaɗai zai kai, shi ma rabi.

Rubutun likita yana da wuyar karantawa, wannan ba gardama. Sai dai tsarinsa ba ya canzawa, ko daga asibitin koyarwa na Lamingo takardar ta fito, ko daga Jankwano, ko daga ƙaramin asibitin unguwa. Kowane layi na magani yana amsa tambayoyi biyar: wane magani, nawa za a sha a lokaci guda, ta ina zai shiga jiki, sau nawa a rana, har kwana nawa. Wanda ya san inda kowace amsa take zama a layin zai gane wurin da hoto ya cinye, ya kuma san tambayar da zai yi. Manufar ba ka zama likita ba ce. Manufar ita ce ka iya cewa, "Nan wajen ban gani ba, a sake duba mini."

Fara da hoton kansa

Kafin ka karanta komai, dubi ko kusurwoyi huɗu na takardar sun fito. Masu ɗauka sun fi kai kyamara tsakiya inda sunayen magani suke, sai gefen dama ya yanke, alhali a can ƙarshen layi ake rubuta yawan kwanaki. Idan takardar ta daɗe a ninke cikin jaka, layin ninkin kan bi ta kan lamba ya shafe ɗigo ko sifili. Ka ce a shimfiɗa ta a kan tebur ko tabarma kusa da taga, a riƙe wayar daidai samanta ba a karkace ba, a kashe fitilar kyamara, domin haskenta yana wanke rubutun biro. A duba bayan takardar ma, wasu likitoci suna ƙarasa rubutu a can.

WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau. Idan mai turowa ya danna HD kafin ya tura, ko ya tura shi ta Document, rubutun zai tsaya da kaifinsa in ka buɗa shi da yatsu. Wannan ɗan bambancin shi ne ke raba 1 da 7.

Sannan ka karanta saman takardar: sunan mai ciwo, shekarunsa, kwanan wata, da nauyi idan yaro ne. A ƙasa kuma sunan likita da sa hannunsa, wani lokaci da hatimin asibiti. Kwanan watan ba ado ba ne. A waya ɗaya akan tara hotunan takardun gida guda, na bara da na bana, na Inna da na jika, kuma yatsa ba ya wuyar zamewa ya turo wanda ba shi ba.

Layin magani

A ce yayarka ce ta je asibiti da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, aka yi gwaji, aka rubuta mata wannan:

```
Rx
1. Tab Artemether/Lumefantrine 80/480mg bd x 3/7
2. Cap Amoxicillin 500mg tds x 5/7
3. Tab Paracetamol 1g tds x 3/7
```

Alamar `Rx` tana nuna daga nan magunguna suka fara. Mu ɗauki layi na biyu domin ya fi sauƙi. `Cap` yana nufin kafso. `Amoxicillin` shi ne sunan. `500mg` shi ne abin da za a sha a lokaci guda. `tds` sau uku a rana. `x 5/7` kwana biyar. Wato kafso mai miligiram 500, sau uku a rana, kwana biyar. Ka lura ba a rubuta hanyar shiga jiki ba, an bar wa kalmar kafso ta faɗe ta. Za mu dawo kan wannan.

Sunan magani

Gajeriyar kalmar da ke gaban suna tana faɗin siffar maganin. `Tab` ƙwaya, `Cap` kafso, `Syr` sirof, `Susp` maganin ruwa da ake girgizawa kafin a zuba, `Inj` allura, `Gutt` na ɗigawa a ido ko kunne. Magani ɗaya yakan zo a siffa uku ko huɗu, don haka wannan kalmar ɓangare ce ta sunan, ba a tsallake ta.

Kowane magani yana da sunan asali, yana kuma da sunayen da kamfanoni suka raɗa masa. Likita zai rubuta `Metronidazole`, mutanen gida su ce Filajil, kwalin da za a miƙo maka kuma ya zo da wani suna na uku da manyan haruffa. Kada babban rubutun kwali ya ɗauke maka hankali. Nemi ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashinsa, a nan sunan asali yake tare da ƙarfinsa, shi za ka gwada da na takarda. Kana riƙe da kwalin ka duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, ba ya cin minti ɗaya.

Abin da na fi tsoro a nan shi ne cikon suna da ka. Rubutun likita yakan fara da haruffa huɗu ko biyar da ake gani, sauran ya zama igiya. Mutum ya ga `Carb` ya ƙarasa da abin da ya saba ji. To `Carbamazepine` na farfaɗiya ne, `Carbimazole` kuma na ƙwayar maƙoshi ce idan tana aiki fiye da kima. `Chlorpromazine` na taɓin hankali ne, `Chlorpropamide` na ciwon suga. Mai lafiyar suga da ya sha na biyun, sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Ƙwararren mai harhaɗa magunguna yana raba irin waɗannan ne da taimakon lambar da ke bin sunan da kuma ciwon da aka je da shi, shi ya sa yake tambayarka me ke damun mai ciwon. Ba gulma yake nema ba. Idan shi ma ya tsaya yana juya wayar, hanya ɗaya ta rage, a koma wa wanda ya rubuta.

Akwai kuma gajartawa irin `PCM`, wadda kusan kowa a asibitocinmu ya san farasitamol ce. Wadda ba ka sani ba, kada ka gina mata ma'ana.

Nawa za a sha a lokaci guda

A nan ne aka fi tuntuɓe, don haka zan daɗe a kai. Lambobi biyu ne ake rikitawa: abin da likita ya ce a sha, da ƙarfin ƙwayar da ke cikin kwali. Wani lokaci sukan zo daidai, kamar a layi na biyu, inda likita ya ce 500 kafson ma 500 ne, sai a sha ɗaya. Wani lokaci kuma ba sa zuwa daidai.

Dubi layi na uku. An rubuta `1g`, wato giram ɗaya, kuma giram ɗaya miligiram 1000 ne. Farasitamol ɗin manya da ake sayarwa a kantuna miligiram 500 ne ƙwaya ɗaya. Kamar a ce ka biya naira dubu ne kana riƙe da 'yan ɗari biyar-biyar, guda biyu za ka miƙa. Saboda haka ƙwaya biyu ce a lokaci guda. Wanda ya ga lambar 1 ya ɗauka ƙwaya ɗaya ake nufi, rabin magani yake ba mai ciwo, sai a yi ta cewa zazzaɓin ya ƙi sauka.

Layi na farko ya fi haka ruɗi. Lambobi biyun da aka raba da karan tsaye, `80/480mg`, suna nuna magunguna biyu ne a ƙwaya ɗaya, na farko miligiram 80, na biyu 480. Wannan maganin zazzaɓin cizon sauro yana zuwa kasuwa da ƙarfi daban-daban. Akwai kwali mai ƙwaya 6 da kowace take 80/480, akwai kuma mai ƙwaya 24 da kowace take 20/120. Idan mai shida aka ba ka, ɗaya ake sha a lokaci guda. Idan mai ashirin da huɗu ne, huɗu ake haɗawa, domin 20 sau huɗu ne 80. Wanda ya saba da mai shida, aka ba shi mai ashirin da huɗu ya ci gaba da shan ɗaya-ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu na maganin yake sha. Wanda ya saba da huɗu-huɗu kuma aka ba shi mai shida, sai ya zarce. Duk lokacin da kwali ya canza, lissafi ma sabo ne.

Wasu likitoci ba sa rubuta miligiram a wannan gurbin, sai su ja 'yan sanduna da ɗigo a kai: `i` ƙwaya ɗaya, `ii` biyu, `iii` uku. A hoto mai hazo sanduna biyu kan yi kama da 11. Babu wanda zai ce ka haɗiye ƙwaya goma sha ɗaya ta farasitamol, amma ka ƙirga ɗigon da ke sama don ka tabbata biyu ne ko uku.

Sai haruffan awo. `mg` miligiram ne, `mcg` kuma maikirogiram, wanda ya fi shi ƙanƙanta sau dubu. Harafi ɗaya ne a tsakaninsu, kuma shi hannu mai sauri ya fi haɗiyewa. Ɗigon lamba ma haka: `0.5mg` da `5mg` sau goma ne tsakaninsu, kuma idan likita ya rubuta `.5` ba sifili a gaba, ɗigon na iya ɓacewa a kan layin takarda. Ga masu allurar insulin akwai ƙarin tarko. Ana auna ta da `units`, wasu su gajarta da `U` ko `IU`, sai `10U` ya fito a hoto tamkar 100. Insulin ba abin da ake karantawa daga hoto a yanke hukunci ba ne. A kira asibitin a ji lambar da baki.

Ta ina zai shiga jiki

Galibi ba a rubuta hanya ga ƙwaya da kafso da sirof, an san ta baki ne. Idan an rubuta, `PO` za ka gani. Amma ba kowace ƙwaya ake haɗiyewa ba. `SL` a ƙarƙashin harshe ake ajiye ta ta narke. `PV` ta gaban mace ake sawa, abin da mata ke kira matsi, kuma irin wannan yakan zo a siffar ƙwaya sak, da `Tab` ko `Pess` a gabansa. `PR` ta dubura, galibi da `Supp` a gaba. Saboda kunya, ɗan aike namiji ba ya son tambaya, mai kanti ma ya nannaɗe ya miƙa ba bayani, sai a wayi gari an haɗiye abin da ba na haɗiya ba. Idan ka ga waɗannan haruffa, ka roƙi mai maganin ya rubuta bayanin a jikin leda, ko ka kira mai ciwon ka ba shi wayar su yi magana kai tsaye.

Ga allura, hanyar takan zo a farkon layi: `IM` a tsoka, `IV` a jijiya, `SC` a ƙarƙashin fata. Ba a musanya su don sauƙi. Misali `Ceftriaxone`: akwai kwalin da aka haɗa don tsoka, ruwan da ake narkar da garin da shi yana ɗauke da maganin kashe zafi, kuma wannan ruwan ba ya shiga jijiya ko kaɗan. Na jijiya da ruwan allura zalla yake zuwa. In an aike ka sayen allura, ka gwada haruffa biyun nan na takarda da na jikin kwali, sannan ka kai wa ma'aikacin lafiya ya yi.

Sau nawa a rana

Haruffan nan ba su da yawa. `od` ko `daily` sau ɗaya a rana. `bd` ko `bid` sau biyu. `tds` ko `tid` sau uku. `qds` ko `qid` sau huɗu. `nocte` da dare lokacin kwanciya, `mane` da safe. `stat` sau ɗaya tak, nan take, ba maimaici. `prn` sai idan buƙata ta taso. Wasu kuma sukan rubuta da awa, `8hrly` ko `12hrly`, wanda ni na fi so domin ya faɗi gaskiyar abin da ake nufi.

Ga maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na layi na biyu, sau uku a rana yana nufin a raba awa 24 gida uku, awa takwas-takwas, domin maganin ya zauna a jini ba yankewa. Abin da aka saba a gidaje shi ne a bi cin abinci: bayan karin kumallo da takwas, bayan na rana da ɗaya, bayan tuwon dare da bakwai. Ka lissafa, daga bakwai na dare zuwa takwas na safe awa 13 ke nan ba magani. Ya fi kyau a ɗaure shi da abin da ba a mantawa: shida na safe bayan an idar da Asuba, biyu na rana wajen Azahar, goma na dare kafin a kwanta. Ko an ɗan goce da rabin awa ba laifi. Sau biyu a rana kuma awa sha biyu-sha biyu ne, bakwai na safe da bakwai na dare.

Layi na farko yana da nasa sharaɗin da `bd` ba ta faɗa ba. A ranar farko, bayan sha na farko, awa 8 ake jira a yi na biyu, daga nan a koma safe da dare na kwana biyu, sha shida ke nan gaba ɗaya. Ana kuma son a sha shi da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, domin ɗaya daga cikin magungunan biyu ba ya shiga jini sosai in ciki babu maiƙo. Mai zazzaɓi ba ya son abinci, na sani, amma ko kofin madara ne a lallaɓa a ba shi.

Abu biyu zan ja kunne a kansu. Na farko, a takardar asibitin ido `OD` na iya nufin idon dama, ba sau ɗaya a rana ba, don haka takardar ido a tambayi wanda ya rubuta ko mai harhaɗa magani. Na biyu, akwai magungunan da sau ɗaya a mako ake sha, fitacce a cikinsu `Methotrexate` da ake ba masu wani nau'in ciwon gaɓoɓi da na fata. Shan sa kullum bisa kuskure yana kisa. Duk inda ka ga `weekly`, ka rubuta ranar makon da manyan haruffa a jikin kwali.

Ita kuma `prn` ba izini ba ce na sha yadda aka ga dama. Farasitamol ga babba ba ya wuce giram 4 cikin awa 24, wato ƙwaya takwas ta 500, kuma a bar aƙalla awa huɗu tsakanin sha da sha. A lokacin hunturun Jos da kowa ke fama da mura, yawancin magungunan mura da ake saye a kemis suna ɗauke da farasitamol a ciki, sai mutum ya haɗa biyu bai sani ba. Hanta ce ke ɗaukar nauyin.

Da azumi, kada ka matse sau uku tsakanin buɗa-baki da sahur da kanka. Faɗa wa likita, sau da yawa akwai wani magani mai aiki iri ɗaya da ake sha sau ɗaya ko sau biyu.

Har kwana nawa

Ƙarshen layi yana kama da lissafin makaranta amma ba shi ba ne. Lambar ƙasa tana faɗin ma'auni: 7 kwanakin mako, 52 makonnin shekara, 12 watannin shekara. Lambar sama ita ce adadin. `5/7` kwana biyar, `10/7` kwana goma, `2/52` mako biyu, `1/12` wata ɗaya, `3/12` wata uku. `1/12` ba ɗaya ga Disamba ba ce. A hoto mara kyau `1/52` da `1/12` suna kama, mako ɗaya da wata ɗaya ke nan, kuma dukansu suna iya rikicewa da `1/2`, wadda in ta zo kusa da sunan magani rabin ƙwaya take nufi. Gurbin da lambar take zaune shi ke faɗin aikinta: kusa da suna adadin sha ce, bayan alamar `x` tsawon lokaci ne.

Wannan lamba tana da ma'ana biyu, ya danganta da ciwon. Ga maganin ƙwayoyin cuta da na zazzaɓin cizon sauro, tana nufin a sha har ƙarshen kwanakin ko da an ji sauƙi a rana ta biyu, sannan a tsaya. Ga maganin hawan jini, suga ko farfaɗiya, `1/12` ba ta nufin bayan wata an warke. Tana nufin an ba da na wata ɗaya, kafin ya ƙare a koma asibiti a duba a sake rubutawa. Dattawa da yawa suna ajiye maganin hawan jini ranar da kwali ya ƙare, suna ganin sun cika umarni, jinin kuma ya koma inda yake ba tare da wata alama ba.

Lissafin da ke kama kuskure

Kafin ka bar kanti, ninka abu uku: ƙwaya nawa a lokaci guda, sau nawa a rana, kwana nawa. Layi na biyu, 1 sau 3 sau 5, kafso 15. Layi na uku, 2 sau 3 sau 3, ƙwaya 18. Layi na farko, ƙwaya 6 in mai 80/480 ce, 24 in mai 20/120 ce. Yanzu ƙirga abin da ke cikin leda. Idan kafso goma aka ba ka, kati ɗaya, to ko dai an rage ne saboda kuɗi, ko ɗayanku ya karanta `bd` inda ɗayan ya karanta `tds`. Ko wanne ne, gara a gano shi a gaban kanta. In kuɗin ne bai kai ba, ka faɗa fili, a nemo na wani kamfani mai sauƙin farashi da sunan asali ɗaya, ya fi a sayi rabin kwanaki.

Na yara ya fi buƙatar wannan lissafi. A ce a wata takardar an rubuta wa ɗan yayar taka:

```
Susp Amoxicillin 250mg tds x 5/7
```

Likita ya faɗi miligiram, amma uwa da mililita za ta auna. Amsar tana jikin kwalba. Idan an rubuta `125mg/5ml`, kowane mililita 5 yana ɗauke da miligiram 125, don haka ana buƙatar mililita 10 a lokaci guda. Sau uku a rana 30, kwana biyar 150. Kwalba mai mililita 100 za ta ƙare a rana ta huɗu, ke nan biyu za ka saya. Idan kuwa kwalbar `250mg/5ml` ce, mililita 5 ne a lokaci guda, 75 gaba ɗaya, kwalba ɗaya ta isa har da saura. Launin ruwan da ƙamshinsa na iya zama ɗaya, amma wadda ta ba da mililita 10 daga kwalba ta biyu ta ninka maganin. In kuma likita mililita kawai ya rubuta bai faɗi ƙarfin kwalba ba, layin bai cika ba, sai an tambaya.

A auna da murfin awo ko sirinjin baki da ke zuwa da maganin. Cokulan shayin gidajenmu ba girmansu ɗaya ba. Irin wannan magani gari ne a kwalba, ana zuba masa ruwan da aka tafasa ya huce har zuwa layin da aka ja, a girgiza. Bayan an haɗa, kwanakinsa ƙidayayyu ne, mako ɗaya ko biyu bisa abin da kamfanin ya rubuta, saboda haka kwalba ta biyu kada a haɗa ta sai ta farko ta ƙare, ragowar kuma a zubar. Kuma tunda da nauyin yaro ake yanka adadin, takardar wa ba ta yi wa ƙane, ta watanni shida da suka wuce ma ba ta yi wa shi mai ita.

A gaban kanta, da kuma saƙon da za ka mayar gida

Kai hoton inda akwai mai harhaɗa magunguna mai rajista. Ƙananan kemis na unguwa lasisinsu na magungunan da ake saye ba da takardar likita ba ne, kuma yaron da ke tsaron kanti ba lallai ya fi ka iya karanta layin ba. Wasu magunguna, irin su tiramadol da na sa barci, kantin kirki ba zai ba ka su da hoto ba, sai ka kawo takardar ta asali, kada ka ɗauka wulaƙanci ne.

Idan an haɗa maka, karanta masa abin da ka fahimta ya ji: "Malam, wannan kafson ɗaya-ɗaya ne sau uku, kwana biyar, ko?" Ka roƙe shi ya rubuta a jikin kowane kwali. Yawanci sukan ja sanduna ko su rubuta `1-1-1` ko `2-2-2`, wato safe, rana, dare. Akwai kuma abin da takarda ba ta ɗauke da shi wanda kai za ka kai: ko mai ciwon tana da juna biyu ko tana shayarwa, wane magani take sha dama, kuma ko wani magani ya taɓa sa mata ƙaiƙayi, ƙuraje ko kumburin fuska. Wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin ba ya shan `Amoxicillin`, dangi ɗaya ne, komai kyan rubutun da ke takardar.

Idan ba kai za ka kai maganin da hannunka ba, ɗan acaɓa ko mai keke za ka ba, ɗauki hoton kowane kwali shi kaɗai ka tura, kowanne da saƙon murya nasa: "Yaya, wannan mai ruwan ɗorawa na zazzaɓi ne. Ki sha ɗaya yanzu ƙarfe biyu na rana da madara, ɗaya kuma ƙarfe goma na dare, gobe da jibi safe da dare." Ka faɗi ƙarfe nawa, kada ka tsaya a kan sau biyu ko sau uku. Hoton takardar kuma a tura wa wanda zai saya kaɗai, ba zauren dangi ba, domin sunan mai ciwo yana kai, wani lokaci har da ciwon da aka gano.